Jerin da Babu Komai a Ciki: Takardar Malami ga Ɗalibar Kwamfuta

Akwai wani ɗan gajeren shiri na kwamfuta da kusan kowane ɗalibi yake rubutawa a farkon karatunsa. Ka ba shi lambobi a hargitse, ya jera maka su daga ƙarama zuwa babba. Zai jera lamba uku, zai jera ɗari, zai ma jera miliyan ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Amma idan ka miƙa masa jerin da babu ko lamba ɗaya a ciki, sai ya cika maka allo da saƙon kuskure, ya tsaya cik. Ɗalibi kan riƙe baki, domin a hankalce ai wanda ya iya aikin miliyan bai kamata aikin da babu shi ya gagare shi ba.

Wata ɗaliba ta kawo mini irin wannan aiki a yaren Python, kuma takardar gyaran da na rubuta mata ita ce zan shimfiɗa a nan. Sai dai kafin takardar, ya kamata mai karatu ya san abin da shirin yake yi, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya a kwamfuta ba.

Dabarar da ta bi tsohuwa ce. Masanin lissafi John von Neumann ne ya tsara ta a 1945, tun kwamfuta tana jaririya. A ɗauka malami yana da tarin takardun jarrabawa, yana son ya jera su bisa maki. Maimakon ya yi ta laluben wadda ta fi ƙanƙanta a cikin tarin duka, sai ya raba tarin gida biyu. Kowane rabi ya sake raba shi biyu, ya ci gaba da haka har kowane kashi ya zama takarda ɗaya tilo. Takarda ɗaya kuwa a jere take, tunda babu wadda za ta sha gabanta. Daga nan sai ya fara haɗawa: ya ɗauki kashi biyu da ke a jere, ya dubi takardar da ke saman kowanne, ya zare mai ƙaramin maki, ya sake dubawa, ya sake zarewa, har kashi biyun su zama kashi ɗaya jerarre. Rabawa har ƙasa, haɗawa har sama, ke nan.

Ga yadda ɗalibar ta rubuta ɓangaren rabawar. Ɓangaren haɗawar, mai suna `hada`, daidai yake, shi ya sa ban kawo shi ba.

```python
def merge_sort(jeri):
    if len(jeri) == 1:
        return jeri
    tsakiya = len(jeri) // 2
    hagu = merge_sort(jeri[:tsakiya])
    dama = merge_sort(jeri[tsakiya:])
    return hada(hagu, dama)
```

Layi na biyu da na uku suna cewa: idan abu ɗaya ne a jerin, a mayar da shi yadda yake. Layi na huɗu yana neman tsakiyar jerin, wato ya raba tsawonsa biyu ya zubar da saura. Layi na biyar da na shida su ne abin lura, domin a nan shirin yake kiran kansa da kansa, sau ɗaya a kan rabin hagu, sau ɗaya a kan rabin dama. Shirin da ke kiran kansa dole ya kasance yana da wurin tsayawa, kuma layi na biyu shi ne kaɗai wurin tsayawar wannan.

Ga takardar kamar yadda na aika mata.

Takardar

Salamu alaikum, ɗalibata.

Na duba aikinki. Yadda kika raba jerin daidai ne, kuma `hada` yana aiki har a lokacin da ɓangare ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa, wurin da mutane da yawa suke zubar da lambobi. Gwaje-gwajen da kika haɗo duk sun wuce a wurina kamar yadda suka wuce a wurinki. Akwai guda ɗaya da ba ki yi ba. Ki rubuta `merge_sort([])` ki gani. Saƙon da zai fito a ƙarshe yana farawa da:

```
RecursionError: maximum recursion depth exceeded
```

Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki biro da takarda mu bi shirin tare, da farko da jerin da ke aiki, `[62, 45, 78]`. Tsawonsa uku ne, ba ɗaya ba, don haka aka wuce layin tsayawa. `3 // 2` ya ba da 1. Hagu ya zama `[62]`, dama ya zama `[45, 78]`. Hagu abu ɗaya ne, ya dawo nan take. Dama ya sake rabuwa zuwa `[45]` da `[78]`, kowanne ya dawo, aka haɗa su. Sannan aka haɗa `[62]` da `[45, 78]`, aka sami `[45, 62, 78]`. Ki lura da abu biyu: kowane kira ya karɓi jerin da ya fi na wanda ya kira shi gajarta, kuma kowane reshe ya ƙare a kan tsawo ɗaya daidai.

Yanzu `[]`. Tsawonsa sifiri ne. Layinki yana tambaya ko tsawon ya yi daidai da ɗaya, amsa a'a, aka wuce. `0 // 2` ya ba da 0. `jeri[:0]` ya ba da `[]`. Wato shirin ya kira kansa da abin da aka ba shi sak, bai rage komai ba. Wannan sabon kiran zai yi tambaya ɗaya, ya sami amsa ɗaya, ya sake kira. Layin `dama` ma ba a taɓa isa gare shi ba. Ki duba saƙon da kyau, za ki ga layin `hagu` kaɗai ake ta maimaitawa, tare da bayanin cewa an maimaita shi kusan sau dubu.

Saboda haka matsalar ba ta girman jeri ba ce. Wurin tsayawarki yana kan ɗaya, sifiri kuwa yana ƙasa da ɗaya, rabawa kuma ba ta hawa sama. Gyaran yana layi na biyu, kuma bai wuce canja alama ɗaya ba. Ki gyara, ki ƙara waɗannan a gwajinki, sannan ki rubuto mini a jimla biyu dalilin da ya sa jeri mai abu biyu ko fiye ba ya taɓa haifar da rabi marar komai.

```python
assert merge_sort([]) == []
assert merge_sort([7]) == [7]
assert merge_sort([9, 4]) == [4, 9]
assert merge_sort([5, 5]) == [5, 5]
```

Kada ki ɗaga iyakar kira, kada kuma ki lulluɓe shi da `try`. Idan kina son dalili, ki same ni bayan darasi. Allah ya ƙara basira.

Malaminki.

Me ya ɓoye kuskuren?

Tambayar da na bar mata a ƙarshe ita ce gundarin zancen, kuma amsarta ba ta da wuya. Idan jeri yana da abu biyu ko fiye, rabinsa ba zai gaza ɗaya ba, abin da ya rage ma ba zai gaza ɗaya ba. Biyu ya rabu ɗaya da ɗaya. Uku ya rabu ɗaya da biyu. Bakwai ya rabu uku da huɗu. Ko daga ina aka faro, muddin akwai wani abu a hannu, saukowar tana dira ne a kan ɗaya, ba ta tsallake shi. Wannan ne ya sa kuskuren ya yi kwance shiru. Shirin da kansa ba ya ƙirƙiro jeri marar komai a cikinsa. Sai dai a kawo masa shi daga waje.

To, ɗalibar ta gwada jeri mai lamba uku, mai biyar, mai goma, ta ga duk sun wuce, hankalinta ya kwanta. A ganinta gwaji uku ta yi. A wajen shirin kuwa hanya ɗaya aka bi sau uku, domin dukkansu suna saukowa su dira a kan ɗaya. Da ta ƙara gwaji ɗari irin waɗannan, babu sabon abin da za su gaya mata. Mutum yakan auna ƙarfin gwaji da yawansa ko da tsawon jerin, alhali abin aunawa shi ne ko gwajin ya tilasta wa shirin bin wata hanya dabam. Sifiri, ɗaya da biyu, kowannensu hanyarsa dabam ce a wannan shiri. Goma da dubu goma kuwa hanyarsu ɗaya.

Akwai wani lissafi da nake son ɗalibai su riƙe, domin yana raba gardama. Python yana da iyaka kan yawan kiran da za su tsaya a kan juna suna jiran amsa, kuma in ba a canja ba, iyakar 1000 ce. Ɗalibin da ya ga saƙon ya ambaci zurfi yakan zaci aikin ne ya yi wa kwamfuta yawa. Amma a lissafa: jeri mai abu 1,000,000, idan ana raba shi biyu-biyu, sau 20 kacal za a raba a kai ga ɗaya, tunda 2 a ninka shi da kansa sau 20 ya ba da 1,048,576. Wato miliyan guda zurfinsa bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Babu kwamfutar da za ta iya ɗaukar jerin da zai kai zurfin dubu ta hanyar rabawa biyu. Don haka duk lokacin da shiri irin wannan ya bugi iyakar, ba aiki ne ya yi yawa ba, wani kira ne ba ya rage abin da aka ba shi. Mai wannan lissafi a ka ba zai ɓata lokaci yana zargin ƙarfin na'urarsa ba.

Wani abu da ya ƙara rufa wa kuskuren asiri shi ne sauƙin halin Python wajen yanko ɓangaren jeri. Idan ka nemi abu na farko a jerin da babu komai, wato `jeri[0]`, nan take zai ƙi, ya ce `IndexError: list index out of range`, ya nuna maka layin. Amma idan yanki ka nema, kamar `jeri[:0]`, ba ya musu, sai ya miƙo maka jeri marar komai ya yi gaba. Shi ya sa ɗalibai biyu za su yi mantuwa iri ɗaya, su ga saƙo iri biyu. Wanda ya bi dabarar da ke fara ɗaukar abu na farko ta auna saura da shi, `IndexError` zai gani a kiran farko. Wanda ya bi dabarar rabawa, sai an yi kira kusan dubu kafin a tsayar da shi. Na farkon ya fi sa'a, domin layin da aka nuna masa shi ne inda ya ɗauka cewa akwai wani abu a jerin. Na biyun layin `hagu` za a nuna masa, alhali laifin yana can sama, a layi na biyu.

Gyaran, da gyare-gyaren bogi

Gyaran shi ne:

```python
if len(jeri) <= 1:
    return jeri
```

Wani zai ce, to me ya sa amsar jeri marar komai za ta zama jeri marar komai? Me zai hana shirin ya ƙi karɓa, ya ce an kawo masa shirme? Dalilin yana cikin ma'anar jerawa kanta. Ana cewa jeri ya jeru idan babu wasu abubuwa biyu da babban ya riga ƙaramin zuwa. Inda babu abu ko ɗaya, babu biyun da za su saɓa, don haka a jere yake, kamar yadda mai abu ɗaya yake a jere. Python ma haka ya ɗauka: `sorted([])` yana mayar da `[]` ba tare da ƙorafi ba. Amma a gwada `max([])`, wato a nemi mafi girma a cikin babu, sai ya ƙi da `ValueError`. Ba saɓani ba ne. Tambayar farko tana da amsa ta gaskiya, ta biyu ba ta da ita, domin duk lambar da ka bayar a matsayin mafi girma ƙirƙira ce. Ina son ɗalibi ya iya bambance waɗannan biyun, kada ya fita da tunanin cewa duk inda aka ga babu, sai a mayar da babu.

Na hana ta abu biyu a takardar, ga dalili. Na farko, ɗaga iyaka da `sys.setrecursionlimit`. Wannan shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, tunda saƙon ya ce an wuce iyaka. Amma kiran da ba shi da ƙarshe, iyakar dubu goma ma zai cinye ta. Abin da za a samu kawai shi ne jinkiri kafin saƙon ya fito, ko kuma, idan an ɗaga ta sosai, shirin ya yi ta cin ƙwaƙwalwar na'ura har ya faɗi.

Na biyu ya fi wayo, ya kuma fi haɗari: a kewaye kiran da `try`, a kama kuskuren, a mayar da `[]`. Idan daga waje aka kewaye shi, amsar za ta fito daidai, amma bayan an yi kiran banza kusan dubu, kuma gobe idan wani kuskure dabam ya jawo saƙo iri ɗaya, shirin zai haɗiye shi ya ce maka jerinka babu komai. Idan kuwa a cikin shirin aka sa shi, abin ya fi muni. Kira mafi zurfi zai kama kuskuren ya dawo, wanda ke samansa ya wuce zuwa layin `dama`, ya sake nutsawa, haka kowane mataki yana ninka aikin na ƙasansa biyu. Babu saƙon kuskure, babu amsa, sai dai ka ga kwamfuta ta yi tsit tana ta aiki har ka gaji ka kashe ta.

Ɗalibai kan ce, "Malam, wa zai zo ya ce a jera masa babu?" Babu mutumin da zai zauna ya rubuta hakan da hannunsa, gaskiya ne. Amma yawancin jerin da ke shiga shiri ba hannu ne ke rubuta su ba, wani ɓangaren shirin ne ke tace su. A ɗauka ana son sunayen waɗanda suka sami maki 70 zuwa sama, wato darajar A a jami'o'inmu, a jere:

```python
zakaru = [m for m in maki if m >= 70]
merge_sort(zakaru)
```

A yawancin azuzuwa wani zai kai 70, shirin ya yi aikinsa. Ranar da aka zo kan darasin da jarrabawarsa ta yi zafi, babu wanda ya kai, `zakaru` ya zama `[]`, shafin sakamako gaba ɗaya ya ƙi buɗewa. Wanda ke zaune a ofishin ba zai san akwai wata alama a layi na biyu ba. Abin da zai ce shi ne jiya tana aiki, yau ta lalace, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Haka abin yake da cinikin shago a ranar da ba a buɗe ba, ko binciken sunan da babu mai shi.

Game da rubuta takardar kanta, ina da ra'ayi wanda ba kowane malami ne zai yarda da shi ba. Da yawa sukan rubuta jimla ɗaya, "ba ki kula da jeri marar komai ba", su cire maki biyu. Ɗalibar da ta karɓi wannan za ta liƙa `if not jeri: return []` a saman shirin, gwaji ya wuce, ta tafi. Ba laifi ba ne, yana aiki. Amma ba ta ga cewa wurin tsayawarta ne ya yi ƙunci ba, ta ɗauka wata ƙa'ida ce ta daban da ake haddacewa. Shi ya sa na fara da jerin da ke aiki kafin wanda ba ya aiki, domin sai an ga abin da ke sa na farko ya tsaya sannan a gane abin da na biyu ya rasa. Na faɗa mata layin, amma ban rubuta mata alamar ba. Ɓoye layin zalunci ne ga mai koyo, tunda saƙon kuskuren ma wani layi yake nuna mata. Rubuta alamar kuwa ƙwace mata ɗan aikin da ya rage ne. Yabon da na fara da shi ma ba na share fage ba ne: idan ba a gaya wa ɗalibi ɓangaren da ke daidai ba, yakan rushe shi yana neman laifin.

Bayan ta gyara, aikin da nake ba ta na gaba shi ne ta raba jerin gida uku maimakon biyu, ta bar `<= 1` a inda yake. Abin da ya fi zuwa wa mutum shi ne ya rubuta `k = len(jeri) // 3`, ya yanko `jeri[:k]`, `jeri[k:2*k]` da `jeri[2*k:]`. Jeri marar komai zai wuce lafiya, mai abu ɗaya ma haka, mai uku ma haka. Amma a ba shi mai abu biyu: `2 // 3` sifiri ne, yanki na farko da na biyu babu komai a cikinsu, na uku kuwa shi ne jerin duka, da abubuwansa biyu, bai ragu ba. Saƙon nan na zurfi zai dawo, wannan karon a kan jerin da ke da kaya a ciki, kuma duk jerin da rabawarsa ta bi ta kan biyu, kamar mai huɗu ko mai shida, zai faɗa ramin. A nan wurin tsayawa daidai yake, rabawar ce ta daina ragewa, kuma sai ta ware wa tsawo biyu nasa hukunci kafin shirin ya miƙe.